Darasi na 14: Gyara Jadawalin da Ya Cakuɗe Bayan An Kwafo Shi daga PDF

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran za ku iya abu uku. Za ku faɗi dalilin da ya sa jadawali ke cakuɗewa idan an kwafo shi daga PDF. Za ku mayar da cakuɗaɗɗen rubutun ya koma jadawali ta amfani da Word. Sannan za ku tabbatar da hannunku cewa kowace lamba ta zauna a gurbinta.

Kalmomi uku za mu riƙa maimaitawa. Layi shi ne jerin da ya tafi a kwance, daga hagu zuwa dama. Ginshiƙi shi ne jerin da ya sauko a tsaye, daga sama zuwa ƙasa. Gurbi kuwa shi ne ɗan akwatin da layi da ginshiƙi suka haɗu a kai.

Me ya sa jadawalin ke cakuɗewa?

Ku tuna mai sayar da tumatir da ya kasa kayansa kashi-kashi a kan tabarma. Ido yana gane inda kashi ɗaya ya ƙare, wani ya fara, saboda ratar da ke tsakaninsu. Amma idan aka kwashe tumatirin duka aka juye a kwando, ratar ba ta biyo su, domin tun asali ita ba kaya ba ce da za a ɗauka. Haka jadawali yake a cikin PDF.

Kamfanin Adobe ne ya fito da tsarin PDF a 1993, kuma abin da aka yi shi dominsa shi ne shafi ya fito iri ɗaya a kowace kwamfuta da kowace firinta. Don haka abin da fayil ɗin ke riƙewa yawanci shi ne umarni irin wannan: sa wannan kalma a nan, sa waccan lamba a can, ja zare daga nan zuwa can. Bai damu da cewa waɗannan lambobi 'yan ginshiƙi ɗaya ba ne. Idonmu ne yake ganin jadawali.

Idan kuka haskaka rubutun kuka kwafa, manhajar da kuka buɗe fayil ɗin da ita sai ta yi kirdado. Inda ta ga rata, sai ta cusa sarari, wani wurin ɗaya, wani wurin uku ko biyar. Gurbin da babu komai a cikinsa kuwa ba ya barin wata alama. Daga nan ne darasinmu ya samo asali: yawan sararin da kuka gani bayan kun liƙa rubutun ba shaida ba ne. Ba za mu dogara da shi ba. Za mu dogara da kamannin abin da ke cikin kowane ginshiƙi, wato wanne ne suna, wanne ne lamba.

Kafin a fara gyara

Ku fara gwada ja linzami a kan rubutun. Idan kalmomi suna haskaka ɗaya bayan ɗaya, rubutu ne na gaske. Idan shafin gaba ɗaya ne ya haskaka, ko babu abin da ya haskaka, to hoton takarda aka ɗauka, kuma babu rubutun da za a kwafa sai an bi ta manhajar karanta hoto da ake kira OCR. Wannan darasi na fayil mai rubutu na gaske ne.

Sai ku gwada hanyar sauƙi. Word, tun daga na 2013, yana iya buɗe PDF kai tsaye ta `File` sannan `Open`, kuma sau da yawa yana fito da jadawali mai zane-zane daidai. Idan ya fito daidai, kun huta, sai ku wuce sashen tantancewa. Idan bai fito ba, sai gyaran hannu.

Ku bar asalin PDF ɗin a buɗe a gefe ɗaya na fuskar kwamfuta, ko ku buga shi a takarda ku ajiye kusa. Shi ne alƙali. Sannan ku liƙa rubutun a Word ta zaɓin `Keep Text Only`, ku adana fayil biyu: ɗaya na gyara, ɗaya kuma wanda ba za ku taɓa ba, don idan aiki ya lalace ku sami inda za ku koma.

Misalin da za mu yi aiki a kai

A ɗauka magatakardan wata ƙungiyar manoma ya karɓi lissafin kayan da aka saya a PDF, kuma yana son ya sa shi a Excel. Alƙaluman na koyo ne kawai, ba farashin kasuwa ba. A asalin takardar ginshiƙi biyar ne da layukan kaya shida. Ga yadda rubutun ya fito da ya liƙa shi:

```
Lamba Kaya  Adadi Farashi   Jimla
1 Takin NPK 15-15-15 20  38,000 760,000
2  Takin yuriya    12 35,500   426,000
3 Irin  masara 30   4,200 126,000
4 Maganin feshi na   15 6,000  90,000
ciyawa
5 Kuɗin mota      45,000
6 Buhunan zuba amfani 200 350    70,000
Jimla duka   1,517,000
```

Akwai dabarar da za ku ji masu shagon kwamfuta suna bayarwa: duk inda sarari ya kai biyu ko fiye, a mayar da shi iyakar ginshiƙi. Dabarar tana aiki idan an yi sa'a rubutun ya fito a tsare. Amma ku gwada ta da ido a nan. Layi na 1 zai rabu biyu kacal, domin wuri ɗaya ne yake da sarari biyu. Layi na 2 zai rabu huɗu, 12 da 35,500 su zauna gurbi ɗaya. Layi na 3 zai tsage a tsakiyar suna, "Irin" a nan, "masara" a can. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Abin da ya tabbata a wannan jadawali daban ne. Kowane layin kaya yana farawa da lambar jeri, sai suna, sai lambobi a ƙarshe. Suna yana iya zama kalma biyu ko huɗu, amma kowace lamba dunƙule take, ba sarari a cikinta. Ashe iyakar ginshiƙi tana duk inda sarari ya zo sannan lamba ta biyo shi. A kan wannan ƙa'ida za mu gina gyaran.

Mataki na 1: a bayyana abin da ke ɓoye

Ku danna alamar ¶ da ke shafin `Home`, ko ku danna `Ctrl+Shift+8`. Yanzu kowane sarari zai fito a matsayin ɗigo a tsakiyar layi, ƙarshen kowane layi kuma ya nuna ¶. Idan akwai `Tab`, zai fito kamar 'yar kibiya mai kallon dama. `Tab` shi ne alamar da Word da Excel suke ɗauka a matsayin iyakar ginshiƙi, kuma burinmu duka shi ne mu dasa shi a inda ya dace.

Ku duba abu biyu. Idan kun tarar da kibiyoyi sun riga sun zauna tsakanin ginshiƙai, kada ku share su, rabin aikin ya ƙare. Idan kuma ƙarshen layuka yana nuna lanƙwasasshiyar kibiya maimakon ¶, sai ku buɗe akwatin musanya da `Ctrl+H`, ku rubuta `^l` a `Find what`, ku rubuta `^p` a `Replace with`, ku danna `Replace All`.

Mataki na 2: a dawo da layukan da suka ɓalle

Ku ƙirga. Asalin takardar tana da kanu ɗaya, kaya shida, jimla ɗaya, layi takwas ke nan. Abin da aka liƙa kuwa tara ne. Ƙarin ɗayan shi ne "ciyawa". Sunan ya yi wa gurbinsa tsawo ne, ya sauko ƙasa a cikin gurbin, manhajar kuma ta ɗauke shi a matsayin sabon layi.

Alamar irin wannan layi ita ce ba ya farawa da lambar jeri, kuma ba shi da lambobi a ƙarshe. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a goge ¶ ɗin da ke gabansa kawai. Idan aka yi haka, "ciyawa" za ta manne a bayan 90,000. Abin yi shi ne a yanke kalmar, a kai ta bayan "na", suna ya koma "Maganin feshi na ciyawa", sannan a goge layin da ta bari fanko.

Idan jadawalin ya ratsa shafuka da yawa, a wannan mataki ne za ku goge kanun da ke maimaituwa a saman kowane shafi, da lambar shafi, da duk wani rubutun ƙasan shafi da ya kutso tsakanin layuka.

Mataki na 3: a mayar da kowace rata sarari ɗaya

Tunda yawan sarari ba ya gaya mana komai, gara mu daidaita shi. A akwatin `Ctrl+H`, ku danna `More`, ku tabbatar ba a sa alama a `Use wildcards` ba, sannan ku yi wannan musanya:

```
Find what:     ^w
Replace with:  ^32
```

`^w` yana nufin duk wata rata, komai tsawonta, har da `Tab`, don haka wanda ya tarar da kibiyoyi a mataki na 1 ya tsallake wannan musanya. `^32` kuwa sarari ɗaya ne. An rubuta shi haka ne domin ido ya gan shi, tunda sarari na gaske ba ya bayyana a cikin akwatin. Bayan wannan, ku share sararin da ya maƙale a farko ko ƙarshen layi: ku musanya `^p^32` da `^p`, sannan ku musanya `^32^p` da `^p`. Wanda ya tsallake wannan, zai ga wani layi ya matsa gaba da gurbi ɗaya daga baya.

Mataki na 4: a killace sunayen da ke ɗauke da lamba

Ƙa'idarmu ta ce sarari da lamba ta biyo shi iyaka ce. Amma ku dubi layi na 1. A "Takin NPK 15-15-15" akwai sarari da lamba ta biyo shi, alhali 15-15-15 cikin sunan takin yake. Idan aka bar shi, layin zai rabu shida maimakon biyar.

Maganinsa shi ne a karanta sunayen tun daga sama har ƙasa, duk inda lamba take cikin suna a cire sararin da ke gabanta a sa wata alamar da ba ta ko'ina a jadawalin. Mu za mu yi amfani da `~`. Sunan zai koma `Takin NPK~15-15-15` na ɗan lokaci. Idan an gama komai, sai a musanya `~` da `^32`, sunan ya dawo yadda yake.

Mataki na 5: a dasa iyakoki

Yanzu ku sa alama a `Use wildcards`. Musanya ta farko ita ce:

```
Find what:     ^32([0-9])
Replace with:  ^t\1
```

Ma'anarta a Hausa: nemo sarari da lamba ta biyo shi, ka cire sararin ka sa `Tab`, ka mayar da lambar inda take. `[0-9]` yana nufin kowace lamba daga 0 zuwa 9. Bakan da aka kewaye shi da su suna cewa a riƙe abin da aka samu, `\1` kuma shi ne ke dawo da shi. Wanda ya manta `\1` zai cinye lambar farko ta kowane adadi, 760,000 ta koma 60,000.

Da kun danna `Replace All`, Word zai faɗi sau nawa ya yi musanya. Kada ku yi saurin rufe wannan sanarwa, domin ita ce gwaji na farko. Layukan kaya shida ne, kowanne ya kamata ya ba da iyaka uku, 18 ke nan, a haɗa da ɗaya ta layin jimla, 19. Amma Word zai ce 17. Giɓin biyun nan yana gaya muku cewa akwai gurabe biyu da babu komai a cikinsu. Da adadin ya haura 19, da mun san akwai sunan da muka manta ba mu killace ba.

Saura raba lambar jeri da suna:

```
Find what:     ^13([0-9]@)^32
Replace with:  ^p\1^t
```

`^13` ƙarshen layin da ya gabata ne, domin Word ba ya karɓar `^p` a wurin nema matuƙar `Use wildcards` na kunne. Alamar `@` tana nufin lamba ɗaya ko fiye, don haka 7 da 25 da 130 duk za su shiga. A nan Word ya kamata ya ce 6, daidai da yawan kayan. Idan kun gama, ku cire alamar `Use wildcards`, ku dawo da sararin da `~` ta riƙe.

Mataki na 6: gurabe marasa komai

Nan ne kwamfuta ba za ta iya taimakonku ba. Ginshiƙi biyar yana buƙatar kibiya huɗu a kowane layi, ba ƙari ba ragi. Ku bi layukan ɗaya bayan ɗaya kuna ƙirga kibiyoyi.

Layi na 5 yana da biyu kawai: ɗaya bayan 5, ɗaya kafin 45,000. Idan aka bar shi haka, 45,000 za ta faɗa ginshiƙin Adadi, lissafin ya nuna wai an sayi mota dubu arba'in da biyar. Rubutun da aka liƙa ba zai taɓa gaya muku ainihin gurbin lambar ba. Ku koma asalin takardar. A can za ku ga 45,000 tana ƙarƙashin Jimla, Adadi da Farashi kuma babu komai, domin kuɗin mota dunƙule aka biya shi. Sai ku ƙara `Tab` biyu kafin 45,000.

Layin jimla shi ma haka: `Tab` ɗaya a farkonsa, domin ba shi da lambar jeri, sannan a ƙara biyu kafin 1,517,000. Kanun kuwa kalmomi ne zalla, ƙa'idarmu ba ta taɓa shi ba, sai ku sa masa kibiyoyinsa huɗu da hannu.

Yanzu ku haskaka layukan takwas, ku shiga `Insert`, sai `Table`, sai `Convert Text to Table`. A ƙarƙashin `Separate text at` ku zaɓi `Tabs`. Ku kalli `Number of columns` kafin ku danna `OK`. Idan ya nuna 5, madalla. Idan ya nuna 6, akwai layin da kibiyarsa ta yi yawa, sai ku fasa ku nemo shi. Ga abin da ya kamata ya fito:

| Lamba | Kaya | Adadi | Farashi | Jimla |
|---|---|---|---|---|
| 1 | Takin NPK 15-15-15 | 20 | 38,000 | 760,000 |
| 2 | Takin yuriya | 12 | 35,500 | 426,000 |
| 3 | Irin masara | 30 | 4,200 | 126,000 |
| 4 | Maganin feshi na ciyawa | 15 | 6,000 | 90,000 |
| 5 | Kuɗin mota | | | 45,000 |
| 6 | Buhunan zuba amfani | 200 | 350 | 70,000 |
| | Jimla duka | | | 1,517,000 |

Tantancewa

Kyan gani ba ya tabbatar da jadawali. Lissafi ne ke tabbatar da shi. Ku kwafi jadawalin ku liƙa a Excel daga gurbin `A1`. Kanu zai zauna a layi na 1, kaya a layi na 2 zuwa na 7, jimla a layi na 8. A wasu gurabe na gefe ku rubuta waɗannan:

```
=SUM(E2:E7)
=COUNT(E2:E7)
=C2*D2-E2
```

Na farko ya kamata ya ba da 1,517,000, daidai da jimlar asalin takarda. Da magatakarda ya manta da layin kuɗin mota, da ya sami 1,472,000. Idan jimla ta ƙi daidaita, ku cire ƙaramar daga babbar, ku nemi bambancin a cikin jadawalin. A nan bambancin 45,000 ne, kuma shi da kansa ya nuna layin da ke da matsala.

Na biyu yana ƙirga guraben da Excel ya yarda lambobi ne. Ya kamata ya ce 6. Idan ya ce 5 alhali idonku na ganin shida, to ɗaya daga ciki Excel ya ɗauke ta a matsayin rubutu, kuma `SUM` yana tsallake rubutu ba tare da ya yi gargaɗi ba. Za ku gane ta domin takan jingina hagu a gurbinta, sauran kuwa suna dama. Sau da yawa wani ɓoyayyen sarari ne ya maƙale mata, ko harafin O ya shiga a madadin sifiri. Ku goge ta ku sake rubutawa da hannu.

Na uku ku rubuta shi a `F2`, ku ja shi ƙasa har `F7`. Yana ninka adadi da farashi ya cire jimla, don haka kowane layi ya kamata ya ba da 0, ban da na kuɗin mota da muka san dalilinsa. Wannan gwaji shi ke kama adadi ko farashin da ya lalace, abin da jimlar ƙasa ba za ta nuna ba.

Lissafi ba ya duba sunaye. Don haka ku karanta layin farko da na ƙarshe na kowane shafi kuna gwadawa da asali, domin a nan layuka suka fi ɓacewa. Ku kuma duba haruffan ƙ da ɗ da ɓ. Takardun da aka rubuta da wasu tsofaffin nau'o'in haruffa sukan nuna su daidai a PDF, amma da an kwafa sai su rikiɗe su zama wasu alamomi. Idan kun ga alama ɗaya tana maimaituwa a wurin ƙ, musanya ɗaya za ta gyara su duka, sai dai ku fara tabbatar da cewa alamar ba ta da wani aiki a jadawalin.

Inda wannan ƙa'ida ba ta aiki

Ƙa'idar ta tsaya ne a kan cewa lamba dunƙule take. A takardun da aka rubuta da tsarin Faransanci, kamar yadda ake yi a ofisoshin Nijar da Chadi, ana raba dubbai da sarari ne, ba da waƙafi ba. Layi na 1 zai fito kamar haka: `20 38 000 760 000`. Musanyarmu za ta farfasa shi gida biyar maimakon uku.

Ku duba tun a mataki na 1. Idan sararin da ke cikin lambobin ya fito kamar ɗan ƙaramin zobe a sama maimakon ɗigo, to sarari ne na musamman, kuma kun yi sa'a. Kafin mataki na 3, ku rubuta `^s` a `Find what`, ku bar `Replace with` babu komai, lambobin za su dunƙule. Idan kuwa ɗigo ne kamar sauran, babu abin da ke bambanta shi da iyakar ginshiƙi, kuma kirdado a kan kuɗin mutane ganganci ne. Gara a sake kwafowa ginshiƙi-ginshiƙi. A Adobe Acrobat Reader, idan aka riƙe maɓallin `Alt` aka ja linzami, ana iya haskaka ginshiƙi ɗaya shi kaɗai daga sama zuwa ƙasa. Sai a liƙa kowanne a ginshiƙinsa na Excel. Amma ku lura, gurbi fanko ba ya biyowa a nan ma, don haka lambobin da ke ƙasansa za su hauro da layi ɗaya. Ku ƙirga abin da ya zo a kowane ginshiƙi kafin ku ci gaba. Wannan hanya ita ce kuma ta dace da jadawalin da ginshiƙansa biyu na kalmomi suke maƙwabtaka, kamar sunan kaya da sunan gari, inda babu lambar da za ta nuna iyaka.

Sai lambobin da ba na lissafi ba. Lambar waya a Nijeriya tana farawa da sifiri, lambar asusun banki mai alƙaluma 10 ita ma tana iya farawa da shi. Excel yana zubar da sifirin farko da zarar ya ɗauki abu a matsayin lamba. Haka kuma ba ya riƙe alƙaluma fiye da 15, abin da ya haura sai ya mayar da shi sifiri. Kafin ku liƙa irin wannan ginshiƙi, ku haskaka shi a Excel, ku danna `Ctrl+1`, ku zaɓi `Text`, sannan ku liƙa ta zaɓin `Match Destination Formatting`. Idan sifirin ya riga ya zube, canja tsarin daga baya ba ya dawo da shi, sai an sake liƙawa.

A ƙarshe, ku auna girman aikin. Jadawali mai layi goma, sa `Tab` da hannu ya fi sauri. Musanya tana biyan wahalarta ne idan layukan sun kai hamsin ko ɗari. Tantancewa kuwa babu jadawalin da ya yi mata ƙanƙanta.

Aikin aji

Ku rubuta wannan a Word kamar yadda yake, har da sararin, sannan ku gyara shi. Ginshiƙan su ne Lamba, Kaya, Adadi, Farashi da Jimla. A asalin takardar, 12,000 tana ƙarƙashin Jimla.

```
1 Alli  akwati 10 1,500   15,000
2  Littafin rubutu mai shafi 60   40 450 18,000
3 Gyaran  benci    12,000
4 Biro 50  120   6,000
Jimla duka 51,000
```

1. Ku rubuta kanun jadawalin a sama kafin ku fara. Wace musanya ce za ta tsallake layi na 1 idan babu wani layi a samansa?
2. Wane suna ne yake buƙatar `~`, kuma me zai faru idan ba a sa ba?
3. Kafin ku danna `Replace All` a musanyar farko ta mataki na 5, ku rubuta a takarda adadin da kuke sa ran Word zai faɗa. Ya dace da abin da ya faɗa?
4. `Tab` nawa za a ƙara a layi na 3, kuma a ina?
5. Idan `=SUM` ya ba ku 39,000, ina za ku fara dubawa?

Abin tunawa

PDF yana riƙe wurin da kowace kalma ta zauna ne a shafi, ba ya riƙe ginshiƙai, shi ya sa sararin da ke fitowa bayan kwafi ba abin dogaro ba ne. A dawo da layukan da suka ɓalle, a daidaita sarari, a killace sunaye masu lamba, a dasa `Tab`, a cike guraben da suka ɓace ta duba asali. Kada ku miƙa wa kowa jadawalin da kuka gyara sai yawan layukansa da jimlarsa sun yi daidai da na asalin takardar.